Na cire ketal, TBS ya bi shi: a ina na kuskure?

Rahama (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai duba mini wannan, don mako biyu ke nan ina kansa. Abin da na fara da shi zobe ne mai kabon shida, keton a kabon na 4, esta CO2Et kuma a kabon na 1, suna fuskantar juna. Abin da ake so in kai gare shi: estar ta koma CH2OH, keton ɗin kuma ya karɓi fenil daga PhMgBr ya zama C(OH)Ph. Ga yadda na tsara:

```
1. HOCH2CH2OH, TsOH, PhMe
2. LiAlH4, THF
3. TBSCl, Im, DMF
4. HCl 1 M, THF
5. PhMgBr
6. TBAF
```

Mataki na 1 yana rufe keton da ketal, na 3 yana rufe OH da TBS, na 4 yana cire ketal, na 6 kuma yana cire TBS. Har mataki na 3 lafiya lau. A na 4 na bar shi ya kwana yana juyawa. Da safe na yi TLC, sai na ga tabon ya sauka can ƙasa, da ƙyar yake ɗagawa daga layi. Bayan na ware na busar, abin da ya rage a kwalba bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da nake tsammani ba. A NMR kuma babu alamun TBS: babu 9H na 0.89, babu 6H na 0.05. Ketal ya tafi, wannan na gani, amma ya tafi da TBS ɗina.

Bashir (Makka):
Wa alaikumus salam Anti Rahama. Ni dai a aji biyu nake, amma me ya sa ba ki sa NaBH4 tun farko ba? An koya mana shi ne mai zaɓe tsakanin keton da esta. In yana zaɓe ai ba sai an yi kariya ba.

Rahama:
Yana zaɓe Bashir, amma wanda ba na so a taɓa shi yake zaɓa. NaBH4 keton yake ci ya bar esta. Ni kuwa estar nake so a rage, keton ya tsaya yana jiran fenil. Shi ya sa na rufe keton ɗin tukuna.

Bashir:
Af, na karanta tambayar a baibai. Na gane.

Usman Maiwurno (Riyad):
'Yar'uwa, ni ban yarda asid ɗin ne ba. Tun muna karatu a Wad Madani abin da muka riƙe shi ne: ketal asid ke cire shi, silil irin TBS kuma fuloraid ke cire shi, kowa da makullinsa. Don haka ake haɗa su ma. Ni na fi zargin TBS ɗin bai hau ba tun a mataki na 3. Kin san raɓar Jidda. Kwalbar TBSCl in an buɗe ta sau goma a wannan iska mai ɗanshi, rabinta ta riga ta koma silanol. Kin duba NMR bayan mataki na 3, ko kin wuce ne kawai?

Rahama:
Na duba Yaya Usman. 9H da 6H suna nan, 4H na ketal suna nan a 3.94, lissafinsu ya yi daidai da juna. Ya hau tsaf.

Malam Habibu (Zahran):
Wa alaikumus salam. Usman, tambayarka a kan kwalbar tana kan hanya, ni ma da ita zan fara da Rahama ba ta riga ta amsa ba. Amma maganar makulli rabinta ce gaskiya. Fuloraid yana cire silil ya bar ketal, wannan haka yake. Ta ɗaya ɓangaren ne ba ta tsaya ba, domin asid da ruwa suna cire silil ma. Abin da ya bambanta su sauri ne kawai. Shi ya sa amsar jarrabawa takan yi kyau a takarda, a kwalba kuma ta ƙi.

Ku dubi jerin da ake bayarwa na juriyar silil a gaban asid. In an ɗauki TMS a matsayin 1, TES wajen 64 ne, TBS wajen 20,000, TIPS wajen 700,000, TBDPS kuwa wajen 5,000,000. Mutum in ya ga 20,000 sai ya ɗauka dutse ne. To amma da TMS ake gwada shi, wanda ko a kan silika yakan faɗi. TBS da ke kan alkahol na farko, irin CH2O ɗinki Rahama, shi ne mafi rauni a cikin TBS, saboda babu cunkoso a kusa da shi da zai tare hanya. Asid ɗin asetik da ruwa da THF ma suna cire shi in an ba su lokaci, balle HCl 1 M dare guda. Abin da kika ba shi, shi ne ainihin abin da ake ba TBS in ana so a cire shi da gangan.

Ragowar labarin kuma yana cikin ruwan da kika zubar. Abin da ya fito keton ne mai CH2OH, kabon bakwai kacal da oksijin biyu, nauyinsa 128. Irin wannan yana son ruwa sosai. Kin ware shi kamar mai TBS, wataƙila da hekzen ko Et2O sau ɗaya ko biyu, sai mafi yawansa ya zauna a ɓangaren ruwa. In ba ki zubar ba tukuna, ki cika shi da gishiri har ya daina narkewa, ki ja da etil asetet sau biyar ko shida. Za ki ga kayanki sun dawo.

Rahama:
Innalillahi. Na zubar a durom ɗin shara tun ranar. Da hekzen da etil asetet kaɗan na ware, sau biyu. Wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Malam Habibu:
Ba komai, an wuce wurin. Yanzu gyaran. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sauya wa mataki na 3 da na 4 wuri. Ki tambayi kanki, TBS ɗin nan daga wa yake kare OH? Daga PhMgBr ne kaɗai, a mataki na 5. To me ya kai shi wurin tun kafin asid? Ki cire ketal tukuna, OH yana tsirara, asid ba ya yi masa komai. Sannan ki sa TBS a kan keton mai OH. TBSCl ba ruwansa da keton a wannan yanayin. Ma'aunin da Corey da Venkateswarlu suka bayar a 1972 har yau shi ake bi: TBSCl ninki 1.2, imidazol ninki 2.5, a cikin DMF. Da haka silil bai taɓa haɗuwa da asid ba har ƙarshen tafiya.

Abin da nake gaya wa ɗalibai kullum shi ne, kafin ka sa wa rukuni hula, ka rubuta duk matakan da hular za ta ratsa, ka duba ɗaya bayan ɗaya, har da matakin cire hular maƙwabcinsa. Wannan na ƙarshen ne mutane ke mantawa, don ba sa ƙirga shi a cikin matakai na gaske.

Sadiya (Madina):
Malam, da izininka. In ta bi wannan tsarin ai dole ta ware wannan keton mai son ruwan da ka ambata, ko ba haka ba? Ni abin da ya same ni ke nan bara da wani ƙaramin alkahol, na yi ta ja da etil asetet har hannuna ya gaji da girgiza mazurari, ƙarshe rabi na samu. Ni da benzil zan sa tun ketal yana nan. NaH, BnBr, shi ke nan. Asid ba ya taɓa shi, Grignard ba ya taɓa shi, ga shi yana nunawa a fitilar UV, ba sai ka yi ta tsoma faranti a KMnO4 ba. A ƙarshe H2 da Pd/C, a tace, an gama.

Malam Habibu:
Sadiya, kin faɗi gaskiya a kan wahalar warewa, kuma da MeMgBr za a ƙara da na ce ki tafi da benzil ɗinki. Amma dubi abin da za ki riƙe a hannu bayan mataki na 5. Sabon OH ɗin yana kan kabon da ke manne da zoben fenil kai tsaye. Wato shi ma ɗan gidan benzil ne. Pd/C da H2 ba su san wanda kika sa don kariya da wanda kika sha wahala kika gina ba. Benzil na kariya ya fi saurin fita, gaskiya ne, don haka mai sa ido sosai zai iya tsayar da shi a kan lokaci. Amma in ya daɗe, ko akwai ɗan asid a ciki, za ki iya rasa OH ɗin da aka yi duk aikin dominsa. Ban ce ba zai yiwu ba. Na ce ba zan zaɓe shi ba alhali akwai hanyar da ba ta da wannan haɗarin.

In ana so a kauce wa ware keton mai son ruwa, TBDPS za a sa a madadin TBS, tsarin Rahama ya tsaya yadda yake. Juriyarsa ga asid ta ninka ta TBS sau 250 a wancan jerin. Yana da fenil biyu, don haka shi ma yana nunawa a UV, kuma TBAF ke cire shi a ƙarshe. Sai dai ko da shi ba a barin abu ya kwana. A riƙa duba TLC duk rabin awa, da ketal ya ƙare a kashe da NaHCO3.

Usman Maiwurno:
To Malam na karɓi gyara a kan asid. Amma PPTS a cikin aseton da ruwa fa? Na sha ganin an cire asetal da shi TBS yana nan.

Malam Habibu:
Ana yi, musamman ga asetal mara zobe irin na dimetil, wanda ke fita da sauƙi. Ketal na etilin gilaikol ya fi taurin kai, sai ka ɗumama, kuma PPTS a ɗumi cikin alkahol shi ma hanya ce da ake cire TBS na farko. Tsere ne tsakanin biyun. Wanda yake so ya gwada, ya gwada a kan miligiram 20, kada ya zuba kayansa duka.

Rahama:
Malam tun da zan koma farko, bari in faɗi yadda na yi mataki na 1, a duba mini. Na ɗauki giram 8.5 na keto-estar, wato milimol 50. Etilin gilaikol mililita 4.2, ninki 1.5 ke nan. TsOH giram 0.19. Tolwin mililita 100, a Dean-Stark. Lissafi ya ce ruwa mililita 0.9 zai taru. Ni kuwa na ga ya kai 1.5 yana ci gaba da hawa, sai na rikice na bar shi awa takwas.

Malam Habibu:
Ma'auninki daidai ne. Abin da ya taru a ƙasan tarkon ba ruwa ne zalla ba. Gilaikol yana bin tururin tolwin kaɗan-kaɗan, ya sauka ya gauraya da ruwan, shi ya sa yake wuce lissafi. Kada ki jira ya tsaya cak. Da ya wuce 0.9 ki fara duba TLC. Barinsa awa takwas da gilaikol mai yawa da asid yana da nasa sharri: gilaikol zai fara ture EtOH daga jikin estar ya zauna a wurinsa. A naki aikin wannan bai kashe ki ba, tun da LiAlH4 zai share ko wace esta ce ya ba ki CH2OH iri ɗaya, amma wannan sabuwar estar tana son ruwa, za ki rasa wani kaso a wanki.

Wajen tabbatar da ketal ya hau, kada ki dogara da IR a nan. Keton yana wajen 1715, esta wajen 1735, sun manne da juna, ko keton ya tafi za ki ci gaba da ganin C=O. NMR na kabon ne ke raba gardama: layin wajen 210 ya ɓace, sabo ya fito wajen 108, na esta a wajen 175 yana nan. Kuma ki wanke da NaHCO3 kafin ruwa zalla ya taɓa shi, in ba haka ba TsOH da ruwa za su fara kwance abin da kika ɗaura tun a cikin mazurari.

Mataki na 2 ma haka. Kada ki kashe LiAlH4 da HCl. Ki bi hanyar Fieser: ga kowane giram ɗaya na LiAlH4, ruwa mililita 1, sai NaOH mai kashi 15 cikin ɗari mililita 1, sai ruwa mililita 3, a hankali a cikin ƙanƙara. Zai ba ki farin gari mai tacewa, ketal kuma bai ga asid ba.

Sadiya:
Wannan ya tuna mini. Akwai ranar da na ga keton ya dawo a NMR bayan na tabbata ketal ɗina tsaf yake. Ashe kwalbar CDCl3 ce ta tsufa a kan shiryayye kusa da taga, ta yi asid. Da na tace sabon samfur ta kan ɗan K2CO3 sai layin ya ɓace. Rahama ki kula da wannan ma.

Bashir:
Ina bin ku a hankali. Tambaya ɗaya. Me ya sa ba za a kare OH da asetil ba? Ac2O da piridin, ai ya fi araha, kuma asid mai sanyi ba ya cire shi da wuri.

Usman Maiwurno:
Ƙanena asetil ai esta ce. PhMgBr zai faɗa mata kamar yadda zai faɗa wa kowace esta, ya cinye ninki biyu a banza, ya bar maka wani alkahol daban da za ka yi ta fama da rabawa. Hular da za ka sa a gaban Grignard dole ta zama ba ta da C=O, ba ta da H mai asid.

Amma ni yanzu wata tambaya ta fi damuna. Mun yi ta gardama a kan wace hula, ba wanda ya tambaya ko ana bukatar hular. Keton ya fi esta saurin karɓar Grignard nesa ba kusa ba. A sanyaya keto-estar zuwa digiri 78 ƙasa da sifili, a ɗiga PhMgBr ninki ɗaya a hankali, fenil ya hau keton. Sannan LiAlH4 ya rage estar. Mataki biyu, babu ketal, babu silil. Ku yi lissafi: mataki shida, ko kowanne ya ba da kashi 85, ƙarshe kashi 38 za ka tashi da shi. Mataki biyu, ko na farko kashi 60 ya bayar na biyu 85, kana da 51. Ga kwana takwas da ka tsira da su.

Malam Habibu:
Usman, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a nan yau, kuma na so a ce ni na fara kawo ta. In wannan abu ɗaya ake nema, hanyarka zan fara gwadawa. Akwai abin lura dai. Alkoksaid ɗin da ya fito, in yana gefe ɗaya da estar, zai iya lanƙwasowa ta tsakiyar zobe ya kama ta ya zama lakton. Wannan bai dame ni ba, LiAlH4 zai buɗe shi ya ba da abin da ake nema. Abin da ya dame ni shi ne in kwalbar ta ɗumama akwai ragowar PhMgBr, zai hau estar ko lakton ɗin sau biyu, ka samu mai fenil uku a cikin kayanka. Don haka dole ka auna ƙarfin Grignard ɗinka kafin ka zuba, kada ka yarda da abin da ke rubuce a jikin kwalba, kuma Grignard ake ɗigawa a kan keton, ba akasin haka ba.

Rahama:
Na kawo wa mai duba aikina wannan tun farko. Amsarsa ita ce fenil gwaji ne kawai. Bayansa akwai aril guda bakwai da za a sa, wasunsu sai na yi mataki uku kafin in samu buromaid ɗinsu. Yana so in tara keton mai TBS giram da yawa in ajiye, kowane aril in ɗebi kaɗan.

Usman Maiwurno:
To ai ko a haka hanyata tana aiki. Keto-estar ma a kwalba take, saye ake yi. Kowane aril mataki biyu.

Malam Habibu:
Kowane aril mataki biyu ne a hanyar Rahama ma, in ta riga ta tara keton ɗin: Grignard, sai TBAF. Bambancin shi ne me aril ɗin zai ratsa bayan ya hau. A taka zai haɗu da LiAlH4, a tata TBAF kawai. In a cikin bakwai ɗin akwai mai ɗauke da abin da LiAlH4 ke ci, tata ta fi. Kuma a tata za ta iya zuba Grignard ya ɗan yi yawa ba tare da fargabar esta ba. In kuwa duk aril ɗin masu sauƙi ne irin tolil da anisil, ni ina tare da kai.

Usman Maiwurno:
Abin da LiAlH4 ke ci ai yawanci Grignard ma ba ya zama da shi. Ban gamsu ba tukuna, sai na ga jerin bakwai ɗin.

Sadiya:
Akwai ta uku ma. A bar OH tsirara a zuba PhMgBr ninki 2.5, ɗaya ya mutu a kan OH, sauran su yi aiki.

Malam Habibu:
Ga PhMgBr da ake saye da lita, ana yin haka, ko da yake gishirin magniziyam ɗin yakan yi kauri ya ƙi juyawa. Ga aril ɗin da Rahama ta yi mako tana haɗawa, ba za ta so rabinsa ya koma ArH ba.

Rahama, abu na ƙarshe kafin in fita sallar la'asar, don kada asid ya sake cizon ki a wani wurin. Bayan Grignard ki kashe da NH4Cl cikakke mai sanyi, kada ki kusanci HCl. OH ɗin nan na uku ne kuma a jikin fenil, ɗan asid kaɗan zai fitar da ruwa ya bar miki alkin. Alamarsa a NMR sabon H ɗaya wajen 6.1, a TLC kuma tabo mai gudu sama yana haske sosai a UV. Dalilin da ya sa TBAF ne kaɗai ya dace da mataki na 6 ke nan. Kuma in kin ga tabo biyu kusa da juna bayan Grignard kada ki firgita, fenil yana iya shigowa ta fuska biyu na zoben, sis da tarans ne.

Rahama:
Allah ya saka da alheri Malam, da ku duka. Ina da ragowar giram 3 na ketal mai OH daga mataki na 2. Zan raba biyu: rabi in cire ketal tukuna in ja da gishiri da etil asetet sannan TBS, rabi in sa TBDPS in bi tsarina na da. Yaya Usman, zan tura maka jerin aril ɗin da daddare, kuma zan roƙi a ba ni giram ɗaya na keto-estar in gwada taka ranar Lahadi in an samu busasshiyar ƙanƙara.

Usman Maiwurno:
Madalla. Ki auna Grignard ɗin da safiyar ranar, ba na jiya ba. Ina jiran jerin.